Yadda Za Ka Fitar da Kuɗin Kowane Yadi Idan Ka Sari Dilar Atamfa

Yawancin masu sarin atamfa lissafi ɗaya suke yi: su ɗauki kuɗin da suka biya dila, su raba da adadin yadin da aka ce tana ɗauke da shi, su ɗora ɗan abin da suke ganin riba ce. Kaya su ƙare tas, a tattara kuɗi za a koma sari, sai a tarar da kyar suka kai kuɗin wata dilar. A nan ake fara zargin yaron shago, ko a ce kasuwa ce babu albarka. Sau da yawa ba ko ɗaya. Lissafin ne ya karkace tun ranar farko, domin an rage kuɗin da aka kashe, an kuma ƙara yadin da za a sayar.

Zan bi dila ɗaya daga Kantin Kwari a Kano har shagon wani ɗan kasuwa a Azare. Duk kuɗin da za ka gani a nan na misali ne, na zaɓe su don su yi daɗin rabawa. Farashin atamfa da kuɗin mota suna canzawa kullum, don haka ka cire nawa ka sa naka. Hanyar lissafin ita ce ba ta canzawa.

Mataki na farko: san abin da ke cikin dilar

Turmin atamfa yadi 6 ne. Yadi ɗaya inci 36 ne, ke nan cikakken turmi inci 216 ne, kusan mita biyar da rabi. Dilar da aka fi sani tana zuwa da yadi 600, ko dai turmi 100 mai yadi shida-shida, ko guda 50 mai yadi goma sha biyu-biyu wanda kai za ka raba biyu. Amma kada ka ɗauka kowace dila haka take. Kafin ka tura ko sisi, ka tambayi mai kaya turmi nawa ne a ciki, zane nawa, kowane zane kala nawa, kuma a rubuta maka a rasit. Maganar zane da kala ba ta ado ba ce, za ka ga yadda take shiga cikin kuɗi idan mun zo kan kwantai.

A misalinmu an sallama maka turmi a naira 9,000. Turmi 100 ya kama naira 900,000. Idan ka raba da 600, yadi ya tashi a naira 1,500. Ka rubuta wannan adadin, amma ka sani kuɗin yadi ne a cikin shagon mai kaya a Kano. Kai kuwa a Azare za ka sayar.

Mataki na biyu: tattara duk abin da ya fita daga aljihunka

Ka riƙe ƙaramin littafi tun daga fitowarka gida, duk abin da ka biya ka rubuta a take. Wanda ya ce sai ya koma gida zai tuna, manyan ne kaɗai zai tuna, ƙananan kuwa su ne suke cin riba ba a sani ba.

Ga yadda tafiyar ɗan kasuwarmu ta kasance. Wanda ya zagaya da shi layukan kasuwa har ya sami kayan da yake so, an ba shi la'adar naira 5,000. Ɗan dakon da ya fito da dilar bakin titi, da a-daidaita-sahun da ya kai ta tasha, naira 4,000. Lodi da kuɗin motar dilar daga Kano zuwa Azare, naira 12,000. Saukewa da kai wa shago, naira 3,000. Kuɗin motarsa shi kansa zuwa da dawowa, haɗe da abinci, naira 16,000. Cajin tura kuɗi da cirewa, naira 1,000. Ledojin da zai riƙa sa wa masu saye kaya, naira 4,000. Jimla naira 45,000.

Kuɗin motar kai ne mutane suka fi mantawa, wai ai da ma zan shiga Kano gaishe da 'yan'uwa. In dai atamfar ce ta kai ka, ita za ta biya. Idan kuma a tafiya ɗaya ka haɗo da shadda da leshi, kada ka ɗora wa atamfa duka. Kuɗin lodi da dako ka raba su gwargwadon girma da nauyin kowane kaya, tunda haka direba ya caje ka. Kuɗin motarka da abinci kuma ka raba su gwargwadon jarin da ka zuba a kowanne. Masu zuwa daga Maraɗi ko Damagaram sai su ƙara abin da suka biya a kan iyaka, da abin da ya zube wajen canjin sefa zuwa naira.

Yanzu dila ta tsaya a naira 945,000 a ƙofar shago. A kan yadi 600, kowane yadi naira 1,575 ke nan. Har yanzu da saura, domin wannan 600 ɗin ba duka ne zai kawo cikakken kuɗi ba.

Mataki na uku: kwance dila, ƙirga, auna

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Ranar da dila ta iso kada ka sayar da ko falle ɗaya sai ka gama wannan, ko da masu saye suna tsaye.

Da farko ka duba jikin dilar kafin ka yanke ɗaurinta. Idan akwai inda ya jiƙe, ko tabon baƙin mai, ko inda ƙarfe ya huda, ka ɗauki hoto tun direba bai tafi ba. Turamen sama da na ƙasa da na kusurwa su suka fi shan wahala, musamman da damina, ko idan an ɗora dilar kusa da jarkar mai. Ko a cikin kasuwa ma ruwa kan taɓa kaya. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta lalata yadi mai yawa. Ka sansana turamen ƙasa. Atamfar da ta taɓa jiƙewa ta bushe tana da warin ruma, kuma idan ka buɗe ninkinta za ka ga ɗigo-ɗigon baƙi ko rawaya a kan layin ninkin.

Sai ka ƙirga turame, ka tabbatar 100 ne. Daga nan ka zaro guda goma daga wurare daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ka warware su a kan tebur ka auna da tef. Kada ka auna da hannu daga hanci zuwa yatsa, kuma kada ka ja atamfar ta miƙe fiye da yadda take. Ka haɗa awon goman nan ka raba goma. Yayin da suke a warware ka ɗaga su ga haske ka duba bugun: inda kala ta hau kan wata, inda zane ya goce daga layinsa, farin layi mai ratsa tsawon turmi, ko ƙaramar huda. A atamfa mai kakin gaske, 'yan tsage-tsagen nan da ɗigon da ke cikin zane ba aibi ba ne, haka ake yin ta, masu saye ma suna so. Aibi shi ne abin da tela zai ce sai ya kauce masa wajen yanka. Idan ka sami aibi a biyu cikin goma, to ka daure ka buɗe sauran duka.

Dabarar da za ta sauƙaƙa maka ita ce ka mayar da kowace irin asara zuwa yadi. Turmin da za ka sayar rabin kuɗi, ka ɗauka rabinsa ne ya ɓata. Wanda za ka yi wa ragin kashi ɗaya cikin huɗu, ka ɗauka yadi ɗaya da rabi ya tafi. Da haka komai zai zama abu ɗaya da za ka iya haɗawa.

A dilarmu an sami turmi 2 da mai ya ɓata. Cikin yadi 12 ɗinsu, yadi 4 ne kawai aka iya yankowa mai tsabta, sauran ya zama ƙyalle. Asara yadi 8. An kuma sami turmi 4 masu aibin bugu, waɗanda ba za su wuce rabin kuɗi ba. Yadi 24 ne, rabinsu yadi 12 ya tafi.

Sai maganar yanka. Awon da aka yi ya nuna turamen inci 212 suke maimakon 216, gibin inci 4 ke nan a kowanne. Ga wanda zai sayi turmi sukutum, wannan ba ya rage maka yadi a lissafi, amma amana ta ce ka gaya masa, kuma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin tela. Inda gibin yake cizonka shi ne idan za ka yanka. Mace ta zo ta sayi falle ɗaya, yadi 2, ka auna mata cif, ka ƙara mata ɗan gyara kamar inci ɗaya don kada almakashi ya karkace ya cuce ta. Ta biyu ma haka. Abin da ya rage a hannunka inci 66 ne, ba 72 ba. Falle na ukun nan bai cika ba, dole ka rage masa kuɗi. Ke nan duk turmin da ka yanka ya ci inci 6. Ɗan kasuwarmu ya san cikin dila yakan yanka kamar turmi 30 ga masu sayen falle da masu ɗinka wa yara. Inci 6 sau 30 ya ba da inci 180, wato yadi 5.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a gani ranar da aka kwance dila, amma ya fi sauran nauyi: kwantai. Dila mai gaurayen zane ba ta tafiya gaba ɗaya. A makon farko za a tsince masu kyau, a bar maka kalolin da garinku ba ya yayi. Su za su zauna a kan kanta, ƙura ta hau su, rana ta kashe kalar gefen da ke waje, har sai ka karya farashi. Wannan ba hasashe za ka yi ba, littafinka na dilar baya za ka duba, ka ga turmi nawa ka sayar da ragi kuma ragin nawa. Idan dilarka ce ta farko, ka ware ɗaya cikin goma. A nan mun ɗauka turmi 10 za su kwanta, a sayar da su da ragin kashi ɗaya cikin huɗu. Yadi 60 ne, rubu'insa yadi 15.

A haɗa: 8 da 12 da 5 da 15, yadi 40. Abin da zai kawo cikakken kuɗi yadi 560 ne. Raba naira 945,000 da 560, yadi ya tashi a naira 1,687 da kobo 50, turmi kuma naira 10,125. Ka lura, turmin da ka saya 9,000 ya riga ya haura 10,000 tun ba ka biya hayar shago ba.

Mataki na huɗu: rabon dila daga kuɗin shago

Dila tana zaune a shago ne, shago kuma yana cin kuɗi kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ka raba hayar shekara gida goma sha biyu, ka haɗa da sallamar yaron shago, kuɗin wuta, kuɗin mai gadi, harajin kasuwa da katin waya. A ce duka sun kama naira 42,000 a wata. Atamfa ita ce rabin cinikin shagon, to rabonta naira 21,000 a wata. Dilar tana ɗaukar wata biyu kafin ta ƙare, ke nan naira 42,000.

Matan da ke sayarwa a cikin gida su ma suna da nasu, ko da babu haya: datar da ake ɗora hotuna da ita, kuɗin mashin ɗin da ke kai wa masu saye, da ɗan abin da ake ba yarinyar da ke zagayawa da kaya gida-gida.

Jimlar abin da dila ta ci yanzu naira 987,000. Ga ƙa'idar a taƙaice:

```
kuɗin yadi = (kuɗin dila + kuɗin hanya + rabon shago) ÷ yadin da zai kawo cikakken kuɗi
987,000 ÷ 560 = 1,762.5
```

Yadi naira 1,762 da kobo 50, turmi naira 10,575. Wannan ita ce uwar kuɗinka ta gaskiya. Duk turmi mai kyau da ka sallama ƙasa da haka, daga jarinka ka cika wa mai saye.

Yanzu dubi abin da ke samun wanda ya tsaya a lissafin farko. Ya ce yadi 1,500 ne, ya ɗora 300, yana sayar da turmi 10,800. A ransa ribar naira 180,000 yake jira, wato 300 sau 600. Abin da zai shigo a zahiri shi ne 1,800 sau 560, naira 1,008,000. Cire 987,000, saura naira 21,000 a wata biyu. Idan kuma masu saye suka matsa yana rage musu naira 300 a kowane turmi, yana ganin ai har yanzu da riba, abin da zai tara naira 980,000 ne. Ya yi wata biyu yana buɗe shago, ya tashi da faɗuwar naira 7,000, kuma bai san ta inda ta shigo ba. Wannan ne yake sa ni takaici, domin mutum ne mai gaskiya da ƙoƙari, kayansa kuma sun karɓu.

Mataki na biyar: ɗora riba

Akwai bambanci tsakanin ɗora kashi 20 a kan uwar kuɗi da samun kashi 20 daga cikin ciniki. Idan ka ɗora kashi 20 cikin ɗari a kan 1,762.5, yadi zai zama naira 2,115. Ribar 352.5 ce, wadda ba ta kai naira 17 a cikin kowace naira 100 da ta shiga aljihunka ba. Idan kuwa so kake duk naira 100 da aka miƙo maka 20 ta zama taka, rabawa za ka yi da 0.8:

```
farashin yadi = kuɗin yadi ÷ (1 − ribar da kake so)
1,762.5 ÷ 0.8 = 2,203
```

A ce 2,200 yadi, turmi 13,200. Gwaji: 2,200 sau 560 ya ba da naira 1,232,000. Cire 987,000, riba naira 245,000. Ko wanne ka zaɓa babu laifi, muddin ka san wanda kake yi.

Wannan 13,200 ɗin farashin sallamawa ne, ba na buɗe baki ba. Kasuwarmu ta tayi ce. Hajiya za ta ɗaga turmi ta ce, "Alhaji, nawa za ka bar mini?" In ka ce 13,200, za ta taya 12,000, kuma ba za ta ji daɗi ba sai ka sauko. Ka san yawan ragin da aka saba yi a garinku, ka ɗora shi a sama. Idan 800 ne, ka buɗe da 14,000. Sannan ka tsayar da adadi na uku, wanda ƙasa da shi sai dai ka ce albarka, a ce 11,500, na tsohon abokin ciniki ko mai ɗiban turmi goma na anko. Ka sanar da yaron shago waɗannan ukun, ka rubuta su a bangon littafi. Amma ka kula, idan rabin dila ta tafi a wannan na ƙasan, ribar 245,000 ba za ta fito ba.

Mai sayen yanka kuma kada ya biya daidai da mai ɗaukar turmi. Saboda shi ne ake asarar incin nan, kuma turmin da aka gutsira ya fi wuyar fita. Idan yadi a cikin turmi 2,200 ne, na yanka ya zama 2,400, falle ɗaya 4,800.

Idan kasuwa ta ƙi farashinka

Yakan faru ka gama lissafi ka ga maƙwabtanka suna sallama irin wannan atamfar a 12,000. Ba za ka tsaya a 13,200 kai kaɗai ba. A 12,000, yadi 2,000 ne, dila za ta kawo naira 1,120,000, riba 133,000, kusan naira 12 a cikin ɗari. Ba faɗuwa ba ce, amma yanzu ka san ainihin abin da kake samu, kuma ka san ragin da ya rage maka a turmi bai kai 1,500 ba.

Abin da ya fi amfani shi ne ka juya lissafin kafin ka tafi sari. Idan garinku 12,000 yake saye, kuma kana son kashi 20, duk abin da dila za ta ci kada ya wuce kashi 80 na 1,120,000, wato naira 896,000. Cire kuɗin hanya da na shago, 87,000, saura 809,000. Ke nan turmin da ya haura naira 8,090 a Kwari ba zai ba ka wannan ribar ba. Da wannan adadin a kanka za ka shiga kasuwa, ka san inda za ka tsaya a tayi, ko ka koma kan wata atamfar da ta fi dacewa da aljihun mutanenka.

Sauran wuraren da ake matso riba suna cikin yadi 40 ɗin nan. Idan mai kaya ya yarda ka zaɓi zane da kanka, ko da zai ƙara naira 100 a turmi, ƙarin 10,000 ne a dila, alhali yadi 15 na kwantai a 2,200 naira 33,000 ne. Ledar da za ka sa a naɗe dila kafin lodi ba ta kai kuɗin turmi ɗaya ba. Masu aibin bugu kuma ka yi magana tun kafin biya, ko za a canza maka su idan ka dawo da su. Wasu suna yarda, musamman ga wanda ya saba zuwa. Lokaci ma kuɗi ne: dilar da ta ƙare a wata ɗaya, kamar gabanin sallah ko lokacin bukukuwa, rabon shagonta 21,000 ne kawai, kuma jarinka ya juya sau biyu a inda da sau ɗaya zai juya.

Abu biyu suna iya rushe lissafin bayan ka gama shi. Na ɗaya bashi. Turmi biyu da aka ɗauka ba a biya ba yadi 12 ne, daidai da duk asarar aibin bugu. Idan kana ba da bashi, ka duba littafinka ka ga nawa yakan maƙale a kowace dila, ka cire shi daga 560 tun farko.

Na biyu tashin farashi. Kana tsakiyar sayarwa sai ka ji turmi ya koma 9,600 a Kano. Sabuwar dila za ta ci ƙarin naira 60,000, wato kusan naira 107 a kowane yadi, kamar 640 a turmi. Idan ka ci gaba da tsohon farashi har kaya suka ƙare, wannan 60,000 ɗin daga ribarka za ta fita ranar da ka koma sari. Don haka ka riƙa kiran mai kayanka duk mako kana jin farashi, kuma da zarar ya motsa ka sake raba sabon kuɗin da 560, ka gyara farashin turamen da suka rage a kan kanta.